Gidan Gurzar Auduga na Funtuwa: Daga Zamanin Bisije

Har gobe akwai unguwa a Funtuwa da ake kira Bisije, kuma yara da yawa ba su san daga BCGA sunan ya fito ba, wato ƙungiyar da masu masaƙun Ingila suka kafa a Mancesta a 1902 don neman auduga. Ita ce ta kafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa da Malumfashi da Gusau. Ba da ka ta zaɓi Funtuwa ba. Ga ƙasar noman auduga ta kowace kusurwa, ga gonar iri a Daudawa, ga kuma layin dogo daga Zariya wanda ya kai Ƙaura Namoda a 1929.

Abin da nake sara wa mutanen farko a kai shi ne lissafinsu. Sun gane cewa injin gurza ba ya aiki shekara cur. Kaɗa tana shigowa da hunturu, a gurje ta cikin 'yan watanni, sannan a kashe inji. Don haka ma'aikatan dindindin kaɗan ne: kanikawa da malaman sikeli da masu gadi. Leburori kuwa sai kaka ta yi ake ɗibarsu, daidai lokacin da aikin gona ya sake su. Da damina kanikawa ke kwance inji, su wasa zartunan da ke fizge auduga daga jikin angurya, domin zarto mai dakushi yana tsinka zare, yana kuma barin auduga manne da iri.

Lissafin yawa ma a fili yake. A tan 100 na kaɗa mai kyau, gurzajjiyar auduga ba ta cika wuce tan 35 ba, wato dila 190 da 'yan kai idan kowace dila ta kai kilo 181. Angurya ta kai tan 60, sauran datti ne. In sakamako ya faɗi ƙasa da haka, gwani ya san an zuba wa kaɗar ruwa ko yashi kafin awo.

Maganin wannan a wancan zamani shi ne fuloti. A can ake duba kaɗa, a raba ta aji-aji, a auna a biya. Angurya kuma ta komo hannun manomi a matsayin iri. Da wannan tsari Funtuwa ta zama hedikwatar Hukumar Auduga ta Ƙasa a 1977.

An rushe hukumar a 1986, shekarun da suka biyo baya kuma sai haƙuri. Iri ya gauraye, buhun leda ya shigo, zarensa yana ɓata dila. Wannan laifin kasuwa ne, ba na gidan gurza ba. Yau ma akwai injinan gurza a Funtuwa, ga irin Samkot daga cibiyar bincike ta Samaru. Abin da suke jira shi ne manomin Bakori da Ɗanja da Malumfashi ya samu iri mai tsabta kafin ruwan shuka, da sikelin da zai yarda da shi.