Hoton OCT na tantanin gani

Hoton OCT gwaji ne da ke amfani da haske, babu taɓa ido, domin nuna tantanin gani na bayan ido, wato retina, kamar an yanka shi an duba ta gefe. An fara bayyana dabarar a 1991. Ɗaya daga cikin manyan amfaninsa shi ne auna kaurin makula, wurin da ke tsakiyar tantanin wanda da shi ake karatu da gane fuska. A lafiyayyen ido tsakiyarta na da ɗan kwari, kaurinta kimanin maikiron 250, wato rubu'in milimita. Idan ciwon sukari ya sa ƙananan jijiyoyin jini yoyo, kwarin ya cike, wurin ya kumbura, ruwa ya fito baƙi-baƙi a hoton. Da wannan hoton likita ke yanke shawarar yin allura a ido, kuma da sabon hoto yake gane ko kumburin ya sauka.

Wani zai ce ai likita ya riga ya leƙa idon da fitila. Haka ne, amma fitila saman tantanin take nunawa, ƙaramin kumburi kan ɓuya mata. Sai dai kauri ba shi ne gani ba: ruwa na iya janyewa gani bai dawo ba, idan ƙwayoyin da ke karɓar haske sun lalace. Yanar ido mai kauri ko jini a cikin ido su ma suna dusashe hoton.