Lambobin Filayen Jiragen Sama: Dalilin Da Ya Sa Haruffa Uku Ba Sa Nuna Ƙasa

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin sama ya ga haruffa uku da ake bugawa a kan tikitinsa, da kuma a kan takardar da ake liƙa wa jakarsa kafin a wuce da ita. KAN na nufin Kano, LOS na nufin Legas, JED kuma Jidda. Waɗannan haruffa su ne ke nuna wa ma'aikata da na'urori inda fasinja da kayansa suka dosa. Sai dai babu wani abu a cikinsu da ke nuna ƙasar da filin jirgin yake, kuma wannan giɓi ne ke jefa matafiya cikin kuskure.

Misali mafi kusa shi ne na Abuja. Mutane da dama a Najeriya sun saba taƙaita sunan birnin da ABJ a saƙonnin waya da wasiƙun ofis. A harkar jiragen sama kuwa, ABJ lambar Abidjan ce, babban birnin kasuwanci na ƙasar Kwaddibuwa, yayin da filin jirgin Nnamdi Azikiwe na Abuja ke amfani da ABV. Harafi ɗaya ne ya raba su, kuma dukansu biyu manyan filaye ne a Afirka ta Yamma. Wanda ya rubuta ABJ a shafin sayen tikiti, bai tsaya ya karanta cikakken sunan da ya bayyana ba, zai iya biyan kuɗin tafiya wata ƙasa da bai yi niyya ba.

Haruffa ukun na hannun Ƙungiyar Kamfanonin Jiragen Sama ta Duniya, wadda aka fi sani da IATA. An kafa ta a birnin Havana na ƙasar Kyuba a shekarar 1945, kuma hedikwatarta tana Montreal a Kanada. Ƙungiya ce ta kamfanoni, don haka buƙatarta ta ciniki ce: sayar da tikiti, tsara jadawalin tashi da sauka, da aika kaya. Abin da ake so shi ne gajeriyar alama mai sauƙin tunawa, wadda ta yi kama da sunan gari. Ba a ware wa ƙasa ko yanki wani gurbi a cikin haruffan ba tun farko.

Akwai kuma matsalar lissafi. Haruffan boko da ake amfani da su a wannan tsari 26 ne, idan kuma aka jera su uku-uku, iyakar abin da za a samu shi ne 17,576. Adadin yana da yawa a ido, amma duniya baki ɗaya ce ke ɗiba daga rumbu ɗaya, kuma garuruwan da sunayensu suka fara da haruffa iri ɗaya ba su da iyaka. Wanda ya riga ya karɓa shi ke riƙewa. Wannan ne ya sa filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina bai samu KAT ba, domin wani ƙaramin fili a garin Kaitaia na ƙasar New Zealand ne ke da ita. Katsina na amfani da DKA, wadda mai kallo zai iya zaton ta Dakar ce ko ta Dhaka, alhali tsohon filin Dakar DKR ne, na Dhaka a Bangladesh kuma DAC. A Jamhuriyar Nijar ma haka abin yake: Yamai ta samu NIM, Damagaram ta samu ZND daga sunan Zinder, amma Maraɗi ta ƙare da MFQ, Agadas kuma da AJY, waɗanda babu mai iya gane su sai an gaya masa.

Tarihi ya ƙara dagula al'amarin, domin ba a cika sauya lamba ba ko da an sauya sunan gari ko na fili. Birnin Mumbai na Indiya har yanzu BOM ne, daga tsohon sunansa Bombay. Babban filin jirgin Beijing PEK ne, daga Peking. Saint Petersburg na Rasha na riƙe da LED tun lokacin da ake kiransa Leningrad. Filin O'Hare na Chicago kuwa ORD ne, saboda sunansa na da, Orchard, kafin a sauya masa suna a 1949. Sauya lamba na nufin gyara bayanai a dubban na'urori a faɗin duniya, shi ya sa ake barin ta yadda take.

Ƙasa ɗaya ce ta yi kusa da samun alamarta a wannan tsari, wato Kanada, inda akasarin manyan filaye ke farawa da Y: Toronto YYZ, Montreal YUL, Vancouver YVR. Amma ko wannan ba doka ba ce da za a dogara da ita. YOL ba ta Kanada ba ce, ta Yola ce a Jihar Adamawa.

Tsari na biyu, mai haruffa huɗu, na Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya ne, wato ICAO. Ita hukuma ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ta samo asali daga Yarjejeniyar Chicago ta 1944, ta fara aiki gadan-gadan a 1947, kuma ita ma mazauninta Montreal. Mambobinta gwamnatoci ne, kuma an tsara lambobinta don matuƙa jirgi, da masu ba jiragen sama hannu daga hasumiya, da masu hasashen yanayi. Su waɗannan ba sauƙin tunawa ne ya dame su ba. Abin da suke buƙata shi ne saƙo ya san hanyar da zai bi, kamar yadda lambar waya ke farawa da lambar ƙasa. Saboda haka aka gina haruffan daga babba zuwa ƙarami. Harafin farko yana nuna yankin duniya, na biyu yana nuna ƙasa a cikin yankin, biyun ƙarshe kuma su ne na filin.

A ɗauki lambar filin jirgin Malam Aminu Kano, DNKN. Harafin D na nuna wani ɓangare na yammacin Afirka, N na nuna Najeriya, KN kuma Kano. Da zarar mutum ya riƙe DN, ya samu mabuɗin ƙasar baki ɗaya: DNAA Abuja ce, DNKA Kaduna, DNSO Sakkwato, DNMA Maiduguri, DNYO Yola, DNKT Katsina. Ta Legas, DNMM, ta ɗauko haruffanta biyu na ƙarshe daga sunan marigayi Janar Murtala Muhammed, wanda filin ke ɗauke da sunansa. A nan ne rikicin Abuja da Abidjan ke warwarewa cikin sauƙi, domin Abuja DNAA ce, Abidjan kuma DIAP. D ɗin da suka yi tarayya a kai ya nuna yankinsu ɗaya, harafi na biyu kuma ya raba ƙasashen. Katsina da Dhaka ma ba za su rikice ba, tunda ta Dhaka VGHS ce, ba ta ko fara da harafin da ya shafi Afirka ba.

Maƙwabtan Najeriya na yamma da arewa suna cikin rukunin D. Nijar DR ce, shi ya sa Yamai take DRRN, Damagaram DRZR, Maraɗi kuma DRRM. Gana DG ce, Akara kuma DGAA. Benin DB, Togo DX, Burkina Faso DF. Amma da an tsallaka iyakar gabas sai harafin farko ya sauya: Kamaru FK ce, Chadi FT, domin F na tsakiya da kudancin Afirka ne. Sudan tana ƙarƙashin H tare da Masar da Habasha, da HS a farkon lambobinta. Maniyyata aikin Hajji kuwa rukunin O suke nufa, na Gabas ta Tsakiya, inda Saudiyya ke da OE: Jidda OEJN, Madina OEMA.

Duk da haka, tsarin haruffa huɗun yana da iyakarsa, kuma bai kamata a ɗauke shi a matsayin taswira cikakkiya ba. Rabon yankunan bai bi yadda aka saba raba Afirka a siyasance ba. Senegal da Mali ƙasashen Afirka ta Yamma ne, amma suna rukunin G tare da Maroko, yayin da Aljeriya da Tunisiya, da ke gaɓar Bahar Rum, suke rukunin D tare da Najeriya. Harafi na biyu ma ba kullum yake kama da sunan ƙasa ba. Najeriya ta yi sa'ar samun N, Nijar ta koma R, kuma babu T a farkon sunan Chadi sai a rubutun Faransanci, Tchad. Wato dai sai an haddace ko an duba jadawali.

Manyan ƙasashe kuma sun karya ƙa'idar ta wata fuskar, domin harafi ɗaya kacal ke wakiltarsu. Kanada C ce, Amurka kuma K a babban yankinta. A can sau da yawa ana ɗora harafin ne kawai a gaban haruffa ukun da aka sani, JFK ta zama KJFK, YYZ ta zama CYYZ. Wannan ne ke sa wasu su zaci haka ake yi ko'ina, su ce ta Kano ai KKAN ce ko DKAN, alhali babu wata hanyar lissafi da ke mayar da KAN zuwa DNKN, ko LHR ta Landan zuwa EGLL. Ko a Amurkan ma, jihohin Alaska da Hawaii suna rukunin P na yankin tekun Pasifik, shi ya sa Honolulu take PHNL. Haka nan ƙasar da ke da yankuna a nesa tana iya bayyana a rukuni fiye da ɗaya: Sifaniya LE ce, amma tsibiranta na Canary, da ke daura da gaɓar Maroko, GC ne. Lambar tana bin inda fili yake a doron ƙasa fiye da tutar da ke kaɗawa a kansa.

Babban cikas ga matafiyi shi ne ba zai ga haruffa huɗun a kan tikitinsa ba. Wurinsu shi ne takardar tsarin tafiya da matuƙi ke miƙawa kafin tashi, da taswirorin jirage, da rahoton yanayi na filin jirgi, wanda ke farawa kamar haka:

```
METAR DNKN 121200Z
```

Ma'anarsa rahoton yanayin filin Kano ne, na ranar 12 ga wata, da ƙarfe 12 na rana agogon GMT, wato ƙarfe ɗaya a Najeriya. Shafukan da ke bin sawun jirage a intanet sukan nuna lambobin biyu tare, kuma a nan ne mai son tantancewa zai iya duba haruffa biyun farko ya san ƙasar.

A wajen sayen tikiti da awon kaya kuwa, haruffa ukun ne ke aiki, kuma abin da ke kare fasinja shi ne karanta cikakken sunan gari da na ƙasa da ke gefensu kafin ya biya. Haka kuma ya dace ya dubi takardar da aka liƙa wa jakarsa tun yana gaban kanta, domin na'urorin rarraba kaya abin da aka buga suke bi. Idan ya nufi Madina, MED ya kamata ya gani. Idan ya ga MAD, jakar ta kama hanyar Madrid.