Sauyin Fasalin Jadawali da Gano Shi Kafin Kwasar Bayanai: Nazari a kan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake gane cewa tushen bayanai ya ƙara shafi, ko ya sake masa suna, ko ya sauya nau'insa, tare da hujjar cewa sake suna ya fi sauran haɗari a inda sadarwa ke yankewa.

Mas'ala

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, saboda sha'anin tsaro. Ma'aikacin da ke cika fom na ODK a wayarsa yana iya ci gaba da aiki ba tare da sabis ba, amma fa da tsohon fom, domin sabon ba ya isa gare shi sai layi ya dawo. Saboda haka idan aka gyara fom a hedikwata a tsakanin nan, bayanai masu fasali biyu za su kwararo wuri guda.

Mu ƙaddara fom ne na rabon maganin zazzaɓin cizon sauro na damina, wanda ake bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59, kuma aka mai da `shekaru_wata` ya zama `watanni`. Ƙarin shafi ba ya ɓata abin da ke nan. Sauya nau'i kuwa, kamar lamba ta koma rubutu, yakan tona kansa, tun da rumbun bayanai zai ƙi karɓar "wata shida" a gurbin lamba. Amma sake suna shiru yake zuwa: kwasa ta kammala lafiya, tsohon shafi ya zo fayau, mai nazari kuma ya jingina giɓin ga rashin tsaro, alhali an yi aikin, an kuma rubuta shi. Wannan zalunci ne ga ma'aikatan da suka shiga ƙauyukan.

Hanya

Wajibi ne kafin kowace kwasa a karanta fasalin tushe, wanda ODK Central ke bayarwa a `$metadata`, a gwada shi da na rumbu:

```sql
SELECT column_name, data_type
FROM information_schema.columns
WHERE table_name = 'rabon_magani';
```

Idan sabon shafi kawai ya bayyana, a karɓa a sanar. Idan nau'i ya sauya, a dakatar. Sai dai gwajin nan bai wadatar ba wajen tabbatar da sake suna. Alamar da ta fi ƙarfi ita ce a ƙidaya guraben da ba kowa bisa `formVersion`: idan giɓin ya bi sigar fom, sake suna ne, idan kuwa ya bi gunduma da kwanan wata, to bayanan ne ba su iso ba.

Haddi

Na'ura tana iya nuna cewa shafi ya mutu a sigar da wani ya bayyana, amma hukuncin cewa ma'anarsu ɗaya ce, wato ba a koma ƙidayar shekaru a maimakon watanni ba, sai an tambayi wanda ya gyara fom ɗin kafin a haɗe su.