Zamanin Kalma Ɗaya, Rukuni Ɗaya: Abin da Ya Wuce da Abin da Ya Saura a Tsara Asusun Talla

Tambayar da sababbin shiga sana'ar tallar intanet suka fi yi idan suka gaji tsohon asusu ita ce dalilin da ya sa magabatansu suka kafa rukunonin talla ɗaruruwa domin kayan da ba su wuce iri uku ba, kuma sau da yawa ana yin ta da murmushin raini. Amsar tana cikin yadda dandalin AdWords yake aiki a shekarunsa na farko, bayan Google ya buɗe shi a 2000, kafin a sauya masa suna zuwa Google Ads a 2018. A wancan lokacin, kalmar nema da aka sa tsakanin baka masu kusurwa, kamar `[solar inverter price]`, ba ta fito da talla sai mutum ya rubuta waɗannan kalmomi daidai yadda suke, don haka mai kula da asusu ya san abin da yake saye da kowace dannawa.

Daga wannan tabbaci aka sami tsarin kalma ɗaya, rukuni ɗaya, wanda ake gane shi da alamar `SKAG` a ƙarshen suna. Hikimarsa ita ce a ware wa kowace kalmar nema rukuninta, a rubuta mata tallar da kanunta ya maimaita ta, domin mai nema ya ga maganarsa ta dawo masa, dannawa ta ƙaru, makin inganci ya hau, kuɗin kowace dannawa ya sauka. Aiki ne na haƙuri, domin a lokacin kanun talla bai wuce harafi 25 ba, layuka biyun da ke ƙarƙashinsa kuma 35 kowanne. Ana kafa kamfe biyu ga kaya ɗaya: na farko mai faɗin kamu domin farautar sababbin kalmomi, na biyu na zaɓaɓɓu. Duk mako ana zama a kan rahoton abin da mutane suka rubuta, kalmar da ta kawo ciniki a ɗauke ta zuwa kamfen zaɓaɓɓu, sannan a sa ta cikin kalmomin hani na kamfen farauta, wato jerin kalmomin da aka hana talla fitowa a kansu, domin kada kamfe biyu na gida ɗaya su riƙa raba ta. A wannan zama na mako-mako ne ake horar da yaro, kuma wanda ya manta da matakin hani yakan gane kuskurensa idan ya ga kalma ɗaya tana cin kuɗi a wurare biyu.

Nauyin tsarin yana bayyana idan aka yi lissafi. A ɗauka akwai mai sayar da kayan sola iri uku, faranti da inbata da batir, yana talla a Kano da Kaduna da Abuja da kalmomi arba'in. Saboda a matakin kamfe ake saita kasafi da wuri, kaya uku a birane uku a kamfe iri biyu sun ba da kamfe 18. Kalmomi arba'in a birane uku a iri biyu sun ba da rukuni 240, kuma idan kowanne yana da talla biyu, tallace-tallace sun kai 480. Kafin 2013, lokacin da Google ya haɗa kwamfuta da waya cikin kamfe ɗaya, masu tsanani sukan ninka wannan duka domin wayar hannu. Ranar da farashin batir ya tashi, sai an bi kowace talla mai ɗauke da tsohon farashi, kuma a irin wannan rana ce darajar suna take fitowa: wanda ya sa wa kamfensa suna bisa ƙa'ida yakan tace kalmar batir a manhajar AdWords Editor ya gyara komai a zama ɗaya, wanda kuwa ya gaji sunaye irin `Campaign #2` da `new final` yakan kwana yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya kuma bar wasu suna tallar farashin da shago ya daina karɓa.

Dandalin ne da kansa ya zare ginshiƙan tsarin. A 2014 aka tilasta wa kalmar daidai ta kama jam'i da kuskuren rubutu, a 2017 ta fara kama kalmomin da aka sauya jerinsu, a 2018 kuma ta kai ga duk abin da injin ya ɗauka ma'anarsa ɗaya ce. A 2020 aka rage abin da rahoton kalmomi yake nunawa, a 2021 aka janye kalmomin da ake sa wa alamar `+`, kuma daga ƙarshen Yunin 2022 aka daina ƙirƙirar tallar rubutu mai tsayayyen jeri, sai wadda ake ba ta kanu har 15 injin ya haɗa da kansa. Tsofaffin hannu suna da ƙorafi mai tushe a nan, domin an rage musu gani kuma ba a rage musu alhakin kuɗin mai kaya ba. Sai dai lissafi bai goyi bayan komawa baya ba. Tayin atomatik, wato barin injin ya yanke abin da za a biya a kowane gwanjo, yana koyo ne daga yawan sakamako, kuma mizanin da aka saba ambata shi ne kimanin talatin a wata. Idan mai kayan sola yana samun kira ko ciniki sittin a wata, rabawa ga kamfe 18 ya bar kowanne da kusan uku, abin da ba ya koyar da komai. Alamar matsalar ita ce kamfe ɗaya yana ƙare kasafinsa da hantsi, na kusa da shi kuma bai taɓa rabin nasa ba.

Ƙa'idar da ta tsira ita ce kada a buɗe sabon kamfe sai idan akwai bambanci a kasafi, ko wuri, ko farashin da aka yarda a biya domin sakamako ɗaya, kada kuma a buɗe sabon rukuni sai idan mai nema yana buƙatar wata talla da wani shafin sauka dabam. A bisa wannan, asusun sola yakan koma kamfe uku na kaya, kowanne ya haɗa biranen, da na huɗu domin masu neman sunan shagon, saboda waɗannan sun riga sun san shi, arahar dannawarsu kuma takan ɓoye tsadar sauran idan aka cakuɗa.

Inda sababbin shiga suke kuskure shi ne sun zubar da ladabin suna tare da tsohon tsarin, alhali ladabin bai tsufa ba. Sunan kirki yana da gurabe masu jeri ɗaya da alamar rabuwa ɗaya:

```
NG_SRCH_NB_Inverter
NG_SRCH_BR_Shop
```

Gurbin farko wuri ne, na biyu nau'in kamfe, na uku yana nuna ko neman sunan shago ne ko a'a, na huɗu kaya, kuma alamar rabuwar tana ba da damar raba sunan zuwa ginshiƙai a Excel. Abin da yake sauyawa, kamar adadin kasafi ko sunan ma'aikaci ko rangwamen salla, ba ya shiga suna, wurinsa lakabi ne da ake cirewa a kowane lokaci, domin sauya suna yakan raba tarihin kamfe gida biyu a duk rahoton da ya dogara da `utm_campaign` da aka rubuta da hannu, inda ma `Kano` da `kano` abubuwa biyu ne. Gwajin da tsofaffin hannu suke yi wa asusu bai canza ba tun zamanin rukuni 240: a miƙa jerin sunayen kamfe ga wanda bai taɓa buɗe asusun ba, a tambaye shi wanne za a dakatar idan batir ya ƙare a sito, kuma idan sai ya buɗe kamfe kafin ya amsa, sunayen suna buƙatar gyara.