Daga "kwabo" zuwa "muri": tarihin sara a cikin sunayen kuɗi

Yau bari mu ɗauki takardar naira ashirin mu ji sunayenta. Mai karanta labarai a rediyo zai ce "naira ashirin". Tsohuwa mai ƙosai a ƙauye tana iya cewa "fam goma". Magidancin da ya yi samartakarsa a shekarun 1980 zai ce "Murtala". Yaron mota kuwa ya miƙo hannu ya ce, "Kawo muri." Takarda ɗaya ce, sunaye huɗu, kuma duk Bahaushe ne ya faɗe su. Kowane suna yana da shekarar da ya shigo da hanyar da ya biyo, shi ya sa sunayen kuɗi suke da daɗin nazari ga mai son sanin yadda sara take yaɗuwa. Sara, ga wanda bai saba da kalmar ba, ita ce maganar yayi da wani rukuni, galibi matasa, yake ƙirƙira ko ya aro, ta yi tashe na wani lokaci.

Kafin zuwan Turawa da wuri ake ciniki. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuɗin ƙarfe na Turawa suka yawaita a hannun jama'a ta hanyar albashin lebura da soja, da cinikin gyaɗa, da biyan haraji. Mutanen da suka fara riƙe waɗannan kuɗi su suka fara kiran sunansu, kuma da kunne suka ɗauka, ba daga littafi ba. "Kwabo" daga sunan jan ƙarfe ne a Turanci. "Sisi" daga yadda Bature yake faɗin kwabo shida, "nai" daga kwabo tara, "ahu" daga kalmar rabi. Haka "sule" da "fam". Ka lura da wuraren da aka fara jin su: bariki, tashar jirgi, kanti. A wancan zamani "ɗan bariki" ba yabo ba ne. Hausar bariki ita ce Hausar da dattijon cikin birni yake yi wa kallon ta marasa tarbiyya.

To amma dubi abin da ya faru cikin shekara talatin kacal. A watan Janairun 1939 aka fara buga jarida a Zariya, Abubakar Imam yana editanta, sunanta Gaskiya Ta Fi Kwabo. Kalmar da ta taso daga bakin lebura ta hau saman jaridar da ɗalibai suka riƙa koyon rubutun Hausa da ita. A 1973 kuma, da Nijeriya ta yi kuɗinta na naira, ƙaramin kuɗin ya gaji wannan suna. Yau ba wanda zai ce "kwabo" ba daidaitacciyar Hausa ba ce. Dalili mai sauƙi ne: abu ne sabo ya zo, ba shi da wani suna, kowa kuma yana bukatar kiran sa kullum.

Canjin kuɗi na ranar 1 ga Janairu, 1973 ya bar mana wani abin lura. Gwamnati ta ce fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Takardun ofis da labaran rediyo suka koma naira nan take. Kasuwa kuwa ta ƙi sakin fam. Sai aka riƙa lissafi biyu a kai ɗaya: in an ce maka fam biyar, naira goma ke nan, fam goma, naira ashirin, fam ashirin da biyar, naira hamsin. Fam ɗari a da "jaka" ake ce masa, saboda haka jaka ta zama naira ɗari biyu. Jaka biyu da rabi ɗari biyar, jaka biyar dubu ɗaya. Har gobe akwai kasuwannin ƙauye da in ba ka iya wannan lissafi ba, sai ka tsaya kana ƙifta ido. Wannan ya nuna cewa maganar yau da kullum ba kullum take gaba da ta hukuma ba. Wani lokaci ita ce mai riƙon tsohon abu, Hausar ofis ce ta yi sauri.

Sai "Murtala". An kashe Janar Murtala Ramat Muhammed ranar 13 ga Fabrairu, 1976. A Fabrairun 1977 aka fito da takardar naira ashirin da hotonsa, ita ce ta farko da ta ɗauki hoton wani ɗan Nijeriya, kuma ita ce mafi girma a lokacin. Ba hukumar da ta raɗa mata suna. Mutane sun ga fuskar wanda suke ƙauna a kan kuɗin da ba kowa ke riƙewa ba, sai sunan ya bi takardar. Masu nazarin nahawu su lura da jinsi a nan: Murtala namiji ne, amma sai ka ji an ce "'yar Murtala", ko "Murtalar nan ta yage". Jinsin naira ko takarda ne ya rinjayi na mai sunan. Sara takan karya ma'ana yadda ta ga dama, amma ba ta cika karya nahawu ba.

A 1979 an sa hoton Tafawa Ɓalewa a naira biyar, a 2000 kuma an fito da ɗari biyu mai hoton Sardauna. Ba wanda sunansa ya kama baki kamar na Murtala. A ganina, game da ɗari biyu, jaka ta riga ta zauna a wurin tun kafin a buga takardar. Sabuwar kalma tana bukatar gurbi.

"Muri" kuwa ta bi doguwar hanya. Yarbawa "Muritala" suke cewa, su gajarta shi zuwa "Muri". Wato sunan ya tafi Kudu, aka yanke shi a can, sannan ya dawo mana. Haka "wazo". Naira hamsin ta fito a 1991 ɗauke da hotunan mutane cikin shigar ƙabilu daban-daban, aka ce mata "wazobiya": "wa" na Yarbanci, "zo" na Hausa, "biya" na Ibo, dukansu kira ne a zo. Daga baya bakin tasha ya rage ta zuwa "wazo". Hanyar ba ɓoyayyiya ba ce. Direban babbar mota da yaronsa suna kwana a Legas ko Anaca, su wayi gari a Kano. A tasha ɗan kamasho ya ji, mai shayi ya ji, ɗan acaɓa ya ɗauka ya shiga da ita unguwa, ɗan sakandare ya kai ta aji. Kowane mataki akwai wanda yake da ƙafa ɗaya a rukunin farko, ɗaya a na biyu. Kuma wanda ya ɗauka yana ɗauka ne don yana son a gan shi cikin waɗanda suka waye, suka zaga duniya. Ranar da uba ya fara cewa "muri" a gaban 'ya'yansa, daga ranar armashinta ya fara raguwa a wurinsu.

Me ya sa mai karanta labarai ba zai ce "muri" ko "jaka" ba? Wasu za su ce don ba Hausa mai kyau ba ce. Ni ban yarda da wannan amsa ba. Ɗauki kalmar "dala". A Kano ta da, dala sule biyu ce. A Maraɗi da Damagaram yau, dala sefa biyar ce, kuma jakarsu, ko jika, sefa dubu ce, wato dala ɗari biyu. A labaran duniya kuma dala kuɗin Amurka ce. Mutum biyu da suke ciniki fuska da fuska a kasuwar Jibiya sun san wace dala suke nufi, in ma an sami ruɗani sai ɗaya ya tambaya. Amma wanda yake magana ta rediyo, ana jin sa a Sakkwato da Yamai da Kumasi lokaci guda, ba mai tsayar da shi ya ce "wace jakar?" Dole ya zaɓi kalmar da ba ta da fuska biyu. Haka mai rubuta takardar cinikin gona: wanda zai karanta ta wataƙila jika ne, bayan shekara arba'in, a gaban alƙali.

Ita daidaitacciyar Hausa an zauna ne an tsara ta. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. Ofishin talifi na Zariya ƙarƙashin Rupert East ya ci gaba da aikin a shekarun 1930, aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966. An gina ta a kan karin Kananci don littafi ɗaya ya karantu ko'ina. Abin da aka gina don ya daɗe kuma ya yi nisa ba zai riƙa canza kaya duk shekara ba.

Sannan akwai girmama wuri, wanda ya girmi boko nesa ba kusa ba. Je wurin ɗaurin aure ka saurara. Ba a cewa an biya kuɗi hannu da hannu, sai a ce sadaki kaza "lakadan ba ajalan ba". Mai sanarwa zai ce "shekarar alif ɗari tara da sittin", ba dubu ba. Tsofaffin malamai kan ce "metan" a maimakon ɗari biyu, "hamsaminya" a maimakon ɗari biyar. Hausa ta daɗe tana ɗauko kalmomin zaure da na fada daga Larabci, ta bar na Turanci da na buroka su fara zama a tasha. Saurayin da ya ce "wazo" da safe shi ne zai ce "lakadan" da hantsi in an wakilta shi, ba wanda ya koya masa a aji.

Ƙarshen irin waɗannan kalmomi iri-iri ne. Kwabo ya shiga ƙamus. Sisi da anini da ƙwandala sun ɓace daga aljihu, suka maƙale a cikin magana: "ba ni da ko sisi", "ko anini bai ba ni ba". Yaron da yake faɗin haka bai taɓa ganin anini ba, bai san goma ne suke yin kwabo ba. Muri kuwa tsadar rayuwa ce take kashe ta. Kuɗin da ba ya sayen komai ba a yawan kiran sunansa, kuma tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 abin da aka fi ji a bakin mai shayi shi ne "ka yi tiransifa" da "ban ga alat ba".

A garinku me matasa suke ce wa ɗari biyar da dubu ɗaya, kuma daga bakin wa kuka fara ji?