Mizanin Tara: Daga Allon Ƙura zuwa Liber Abaci

Masu lissafin Indiya, da Larabawan da suka koya daga gare su, a kan allon da aka barbaɗa wa ƙura suke aiki. Ana rubuta lamba, a share, a ɗora wata a gurbinta, har amsa ta fito. Kafin a gama, duk matakan da aka bi sun goge, babu abin da mutum zai koma ya duba. Dole kuwa a nemi hanyar gwada amsa ba tare da an sake aikin daga farko ba.

Tun ƙarni na uku Hippolytus na Rum ya yi bayanin tara alƙaluman lamba da zubar da tara-tara. Wajen shekarar 950 Aryabhata na biyu ya kawo dabarar a littafinsa Mahasiddhanta, Ibn Sina kuma ya jingina ta ga Indiyawa. Larabawa suka kira ta mizani. Fibonacci, wanda ya koyi lissafi a Bijaya ta Aljeriya, ya sa ta cikin Liber Abaci a 1202.

A ninka 347 sau 26, amsa 9022. Alƙaluman 347 sun haɗu 14, a zubar da tara, saura 5. Na 26 kuwa 8 ne. Biyar sau takwas 40, a zubar da tara sau huɗu, saura 4. Alƙaluman 9022 sun haɗu 13, saura 4. Sun dace. Dalili shi ne goma, ɗari, dubu, kowace aka raba da tara ɗaya take ragewa, don haka gurbin da alƙalami ya zauna ba ya canza ragowar.

A nan kuma matsalar take. Wanda hannunsa ya zame ya rubuta 9202, gwajin zai wuce da shi, tunda alƙaluman ba su canza ba. Wanda ya fi damuna shi ne kuskuren da ɗalibai suka fi yi: a sami 2082 a layin farko, 694 a na biyu, a manta a matsar da shi gurbi ɗaya zuwa hagu. Jimla ta zama 2776. Alƙalumanta 22, saura 4, daidai da na amsar gaskiya, alhali an yi asarar sama da dubu shida! Haka nan idan sifili ya maye gurbin 9. Rashin dacewa hujja ce cewa akwai kuskure, amma dacewa ba ta wanke amsa.

Shi ya sa Fibonacci bai tsaya kan tara ba, ya haɗa da gwajin bakwai da na sha ɗaya. A na sha ɗaya ana farawa daga dama, a debe, a ƙara, bi da bi: 347 ta ba da 6, 26 ta ba da 4, ninkinsu 24 ya rage 2. Ragowar 9022 ma 2 ce, ta 2776 kuwa 4, nan take asirinta ya tonu.