Ɓata suna

Ɓata suna (a shari'a): jingina wa mutum abin da zai zubar masa da mutunci a gaban wani. Iri biyu ne. Na rubutu ko na rediyo, kamar takardar da aka liƙa a kasuwar Gaya cewa wane ya ci kuɗin masallaci, ba sai mai ƙara ya nuna asara ba. Na baki, a majalisa a Ajingi, galibi sai ya nuna asarar da ya yi, sai dai a wasu lokuta, kamar in laifi aka jingina masa, irin su sata.

Wanda ake ƙara yana kuɓuta in ya tabbatar maganarsa gaskiya ce, kuma "haka na ji" ba hujja ba ce. Wata kariyar ita ce sharhin adalci, amma ra'ayi kawai yake karewa, kan al'amarin jama'a, bisa abin da ya tabbata, ba da ƙeta ba. "Ginin ajin nan bai yi kyau ba" ra'ayi ne. "Ɗan kwangila ya sace siminti" zargi ne, sai da shaida.